Sayar da Burodin Naira 850 a Kan Naira 800: Riba ko Asara?

Akwai tambayoyi uku da kusan duk mai ƙaramar masana'anta zai ci karo da su ko ba jima ko ba daɗe. Wani ya zo da odar kaya mai yawa amma ya taya ƙasa da farashin da aka saba, a karɓa ko a sallame shi? Wani sashe na sana'ar yana nuna asara a littafi wata bayan wata, a rufe shi ko a bar shi? Wani abu da ake yi a cikin gida an samu mai kawo shi da araha, a ci gaba da yi ko a koma saye? Ɗaliban akanta suna haɗuwa da waɗannan tambayoyi a jarrabawar ICAN da ta ANAN, amma mai gidan burodi a Kano yana amsa su ne da kuɗinsa na gaske. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa littafin lissafin da ya kamata ya taimake shi, shi ne ke kai shi ya baro.

Ba wai littafin ƙarya yake yi ba. An tsara shi ne don ya amsa wata tambaya daban, wato nawa aka kashe kuma nawa aka samu a watan da ya wuce. Mai yanke shawara kuwa gaba yake kallo. Kuɗin da ya shafe shi shi ne wanda ya cika sharuɗɗa biyu: ba a riga an kashe shi ba, kuma zai sauya gwargwadon hanyar da aka zaɓa. Duk kuɗin da zai fita ko an ce e ko an ce a'a, ba shi da kujera a wannan zama. Tun a 1923 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, John Maurice Clark, ya rubuta littafi guda a kan kuɗaɗen gudanar da masana'anta, inda ya nuna cewa kowace irin shawara da irin lissafin kuɗin da ya dace da ita. Shekara ɗari ke nan, amma har gobe ana rufe sassan da ke kawo kuɗi saboda an duba lissafin da bai dace ba.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, na zaɓe su don su yi sauƙin bi, mai sana'a sai ya sa nasa a gurbinsu.

A ce ga gidan burodi da ke yin abu uku: burodi, kek da cincin. Tandarsa da ma'aikatansa za su iya fitar da burodi 30,000 a wata, amma 24,000 kawai yake sayarwa, kowane ɗaya Naira 1,000 ga masu sari. Kowane burodi yana cin Naira 560 na kayan haɗi, wato fulawa, sukari, bota, yis da gishiri. Leda Naira 30, itace da dizal Naira 60, ladan masu kwaɓi da gashi, waɗanda ake biya bisa yawan buhun da suka yi, Naira 50. Jimla Naira 700. Wannan kuɗi ne mai bin yawan aiki: an ƙara burodi ɗaya ya ƙaru, an rage ya ragu.

Sannan akwai kuɗin da ba ruwansa da yawan aiki. Hayar gini, albashin manaja da akawu da mai gadi, kuɗin lasisi, da abin da ake cirewa saboda tsufan injina. Duka Naira 4,500,000 a wata. Akawu yana raba wannan nauyi a kan kayan uku bisa yawan cinikin kowanne. Cinikin burodi miliyan 24 ne, na kek miliyan 4, na cincin miliyan 2, don haka burodi ya ɗauki 3,600,000, kek 600,000, cincin 300,000. In aka raba kason burodi a kan guda 24,000, kowane ɗaya ya ɗauki Naira 150. Shi ya sa in ka tambayi mai gidan nawa burodinsa yake tsaya masa, zai ce maka Naira 850, kuma bai yi ƙarya ba.

Yanzu sai ga wata makarantar kwana tana son burodi 4,000 a kowane wata har zango ya ƙare, amma Naira 800 za ta biya, kuma a kai mata har ƙofa. Kai kayan zai ci Naira 80,000 a wata. Abin da zai fara zuwa zuciyar mai gida shi ne, ai wannan cin uwar kuɗi ne, asarar Naira 50 a kan kowane burodi tun ba a sa kuɗin mota ba.

Mu tsaya a kan Naira 150 ɗin nan. In aka karɓi odar, mai gini zai ƙara haya? Mai gadi zai nemi ƙari? A'a. In aka ƙi karɓa, za su rage? Nan ma a'a. Miliyan huɗu da rabi za su fita ko makarantar ta zo ko ba ta zo ba, saboda haka babu dalilin ɗora wa burodinta ko kwabo daga ciki. Abin da zai ƙaru da gaske shi ne Naira 700 a kan kowane burodi da kuma kuɗin mota. Makaranta za ta biya 3,200,000, aikin zai ci 2,800,000, mota 80,000. Saura Naira 320,000 a wata, kuɗin da ba za su shigo ba in aka sallami makarantar. Direban motar haya ya daɗe da sanin wannan. In ya bar tasha a Kano da kujera biyu babu kowa, ya ga fasinja a Kwanar Dangora mai zuwa Zariya, zai ɗauke shi ko da bai biya cikakken kuɗin kujera ba, don man da zai ƙona ɗaya ne. Amma direban nan ba zai sauke wanda ya biya cikakke don ya ɗauki mai ragi ba, kuma a nan ne lissafin ke juyawa.

A ce makarantar 8,000 take so, ba 4,000 ba. Wurin da ya rage a tanda na 6,000 ne kawai. Sauran 2,000 dole a ɗebo su daga kason masu sari, waɗanda ke biyan Naira 1,000. Kowane burodi da aka hana su ya tafi da rarar Naira 300, wato 600,000 gaba ɗaya. Babu rasit na wannan kuɗi, akawu ba zai taɓa rubuta shi ba, amma asara ce ta haƙiƙa da odar ta jawo. Rarar Naira 100 a kan guda 8,000 ta ba da 800,000, a cire mota 160,000, a cire 600,000 da aka sarayar, abin da ya rage Naira 40,000. Odar ta ninka, ribar ta kusa ɓacewa. A kan 40,000 kuma za a ɓata wa mai shayin da ya shekara biyar yana saye, ya koma wani gidan, wataƙila ba zai dawo ba. Ni dai ba zan ba da shawarar karɓa a haka ba, sai dai a ce wa makaranta 6,000 za a iya, ko ta ƙara farashi. Lissafin ma yana nuna inda za a tsaya a ciniki: a odar 4,000, duk abin da ya haura Naira 720 riba ne, amma a odar 8,000 sai an wuce Naira 795 kafin a fara ganin komai.

Akwai tarko na biyu, kuma a 'yan shekarun nan shi ya fi cin mutane. A ce Naira 700 ɗin nan an lissafa ta ne da fulawar da ke cikin sito, wadda aka saya Naira 48,000 buhu mai kilo 50, kuma buhu yana ba da burodi 120. Fulawar kowane burodi Naira 400 ke nan. To amma yau a kasuwar Singa buhun ya koma 60,000. Mai gida zai ce ai tawa tsohuwar saye ce. Sai dai duk buhun da aka kwaɓa wa makaranta, dole a sayo wani a madadinsa don masu sari, kuma a sabon farashi za a sayo. Don haka fulawar odar nan Naira 500 take ci, ba 400 ba. Burodin ya koma Naira 800 daidai, rara ta ƙare, kuɗin mota ya zama asara tsantsa. Farashin da aka sayi kaya da shi jiya tarihi ne, wanda za a maye gurbinsa da shi gobe shi ke shiga lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, ga shi mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje take zuwa. A irin wannan yanayi, sa hannu a kan farashi ɗaya na wata uku ba tare da sharaɗin sake zama in fulawa ta tashi ba, ganganci ne.

Sauran abin dubawa ba ya cikin alƙaluma. In masu sari suka ji ana ba wani a 800, gobe su ma 800 za su taya, kuma ragin Naira 200 a kan guda 24,000 ya kai miliyan 4.8, ya fi duk ribar gidan. Shi ya sa irin wannan oda ta fi aminci in kayan ba za su dawo kasuwa ba, ko in an sauya musu girma ko leda. Sai kuma maganar biya. Mai sari yana biya kullum ko bayan kwana biyu, makaranta kuwa tana iya cewa sai ƙarshen zango, alhali dilan fulawa ba ya jira. Haka nan wurin da ke zaune babu aiki a watan da kasuwa ta yi sanyi, yana iya cika maƙil lokacin hunturu da teburin mai shayi ke cika. Kuma kada a manta, wannan lissafi na oda ɗaya ne a kan wurin da ya rage. In duk ciniki ya koma 800, babu mai biyan haya.

Mu koma kan kek, wanda mai gida ya daɗe yana hararensa. Ga abin da akawu ke kawowa duk wata: ciniki 4,000,000, kayan haɗi da gas da kwali 3,100,000, albashin mai yin kek da yaronsa da wutar firij ɗinsu 500,000, kason haya da sauransu 600,000. Asara Naira 200,000. Wata shida a jere ana ganin haka, wa zai zargi mai gida in ya ce a rufe?

Tambayar da za a yi ita ce: ranar da aka rufe, me zai daina shigowa, me zai daina fita? Miliyan 4 za su daina shigowa. Kayan haɗi 3,100,000 za su daina fita, haka ma 500,000 in an sallami mai kek da yaronsa an kashe firij. Amma 600,000 ɗin nan ba ta kek ba ce tun asali, ɗora masa aka yi. Ginin yana nan, manaja yana nan. Abin da zai faru kawai shi ne ta koma wuyan burodi da cincin. Ashe kek yana biyan duk abin da ya ci, har ya kawo gudummawar 400,000 ga hayar gidan. Kafin rufewa, ribar burodi 3,600,000 ce, ta cincin 180,000, a cire asarar kek 200,000, gidan yana da 3,580,000. Bayan rufewa zai koma 3,180,000. An kori mai asarar dubu ɗari biyu, riba ta ragu da dubu ɗari huɗu.

Abin tsoro a nan shi ne yadda kuskuren ke haihuwar wani. Nauyin da kek ya sauke ya ƙaru a kan sauran, sai su ma su fara nuna rauni a littafi, sai a fara tunanin ƙara farashi ko rufe na gaba. Alamar da za a gane asarar takarda ita ce a dubi layin da ya mayar da riba asara. In layin rabo ne, wanda aka samo ta hanyar kasafi da kashi kaza cikin ɗari, to a yi hattara. Gwaji mai sauƙi: a ce wa akawu ya sake rabon bisa faɗin ɗakin da kowane kaya ya mamaye maimakon yawan ciniki. In asarar kek ta ɓace ko ta ninka alhali ko ƙwai ɗaya ba a ƙara fasawa ba, an san daga alƙalami ta fito.

Wannan ba ya nufin kek ya zauna har abada. In ɗakinsa da tandarsa za su iya yin wani abu da zai bar rarar 550,000 a wata bayan ya biya nasa kuɗaɗen, to zaman kek yana hana gidan 150,000, sai a rufe shi da hujja. In kuma rufewar za ta ba da damar mayar wa mai gini shago ɗaya a rage haya da gaske, wannan ragin ya shiga lissafi, don yanzu ya zama kuɗin da ke sauyawa. A ɗaya ɓangaren, matar da ta zo karɓar kek na biki takan haɗa da cincin, in babu kek wannan cinikin ma zai ragu, kuma sallamar ma'aikaci tana da nata haƙƙin da za a biya.

Akwai wata magana da ake yawan ji a irin wannan zama: “Alhaji, tandar nan fa miliyan shida muka saye ta, ya za a yi mu bar ta?” Maganar tana da zafi a zuciya, amma miliyan shidan sun tafi tun ranar da aka biya. Ci gaba da yin kek ba zai dawo da su ba, rufewa ma haka. Abin da ya rage wa tandar a lissafi shi ne nawa za a saye ta yau in an sa ta a kasuwa, ko me za ta iya samarwa in an juya ta ga wani aiki. Wannan kuskure yana aiki ta fuska biyu: rabon haya yana sa a rufe abin da ya kamata a bari, tunanin kuɗin da aka zuba yana sa a riƙe abin da ya kamata a saki.

Cincin ya fi sauƙi yanzu da muka saba da hanyar. Gidan yana yin ƙulli 4,000 a wata. Kayan haɗi da mai da leda da gas Naira 350 kowanne, albashin mai suya 120,000 wato Naira 30, kason haya 300,000 wato Naira 75. Littafi ya ce Naira 455. Wasu mata da ke yi a gida sun ce za su kawo shi a ƙulle a kan Naira 420. Da gani an samu sauƙin Naira 35. Amma abin da zai daina fita in an daina suya Naira 380 ne kawai, don Naira 75 ta haya ba inda za ta je. Saye a 420 ƙarin Naira 40 ne a kan kowane ƙulli, 160,000 a wata. Wannan ma in da gaske za a sallami mai suya. A gidajenmu sau da yawa 'yar uwa ce ko 'yar maƙwabta, ba za a iya ce mata ta tafi ba, sai a ce ta riƙa taimakawa a kanti da albashinta. In haka ne albashin bai kau ba, abin da aka tsira da shi 350 ne, asarar ta kai 280,000. Lissafi yana bin abin da zai faru ne a zahiri, ba abin da aka rubuta a tsari ba, kuma mai gida ne kaɗai ya san ko zai iya furta wannan sallama.

Amsar tana juyawa in kaskon da ɗakin suna da wani aikin yi. A ce in cincin ya fita, mai suyar za ta koma yin donat da zai bar 250,000 a wata bayan an biya kayansa da albashinta. Sayen cincin ya ci ƙarin 160,000, donat ya kawo 250,000, gidan ya ƙaru da 90,000. A nan saye ya fi, duk da cewa na wajen ya fi na gida tsada, domin wurin da aka samu ya fi bambancin daraja.

Ronald Coase, wanda ya samu kyautar Nobel a 1991, ya yi wannan tambaya tun a wata maƙala ta 1937: me ya sa kamfani ke yin wasu abubuwa da kansa maimakon ya sayo komai a kasuwa? Amsarsa ita ce hulɗa da kasuwa ita ma tana da nata kuɗin, na neman mai kaya, na ciniki, na tabbatar da an cika alkawari. A gidan burodinmu wannan yana nufin wani zai riƙa ɗanɗana kowane kawowa, ya duba ko an soya da man da aka maimaita har ya yi baƙi, ya auna ko ƙullin ya fara ƙanƙancewa. Sunan gidan ne a jikin ledar, kuma rajistar NAFDAC tana tafiya ne da wurin da aka duba aka amince a yi kayan, don haka sauya wurin suya ba abu ne da za a yi shiru a kansa ba. Ga kuma makon sallah, lokacin da kowa ke neman cincin kuma matan suna da nasu masu saye da ke biyan fiye da 420. Ribar 90,000 ba ta da kaurin da za ta jure duk wannan. In farashinsu ya tashi da Naira 25 kacal, ƙarin ya kai 100,000 a wata, ya cinye ta har da ɗori. Saboda haka kafin a sayar da kasko a rushe murhu, a nemi yarjejeniyar farashi a rubuce ta aƙalla wata shida, a gwada su da rabin adadin na wata biyu ana ci gaba da soya sauran a gida, sannan a ga ko donat ɗin da gaske yana kawo abin da aka yi hasashe.